Me ya sa injiniya ya nemi babbar cila?

A manyan gine-gine, na'urar da ake kira cila ce ke sanyaya ruwa zuwa digiri 7, famfo ya tura shi ɗakuna, ya kwaso zafi, ya dawo yana digiri 12. Girmanta kuwa daga zanen ginin ake lissafa shi. Shi ya sa idan mai gini ya sauya zane, injiniya ke rubuto masa wasiƙa.

A ce an tsara ofis da cila mai tan 100, wato kilowat 350. Daga baya mai ginin ya mayar da sito zauren taro na mutum 200, ya kuma sa gilashi a bangon yamma. Wasiƙa mai kyau za ta warware ƙarin dalla-dalla. Mutumin da ke zaune yana fitar da zafin kusan wat 130, mutum 200 ke nan kilowat 26. Sabuwar iskar da za a shigo musu da ita daga waje, da zafinta da laimarta, za ta iya cin kilowat 60. Ranar la'asar ta gilashin ta ƙara 40. Jimla kilowat 476, kusan tan 135.

Idan aka bar tsohuwar, kwamfaresa zai yi ta aiki ba hutu, ruwan ya riƙa fita a digiri 10, zauren ya yi gumi. A ganina dole wasiƙar ta faɗi cewa famfo da bututu da janareto ma sai an sake duba girmansu, domin kuɗin ba a kan cila kaɗai zai tsaya ba.