Yaya na Jidda, haraji na Kano: yadda ake rubuta takardar wakilci

Yau maganar takarda ɗaya ce tak, amma rashinta ya taɓa mayar da ni gida hannu rabbana.

Yayana yana aiki a Jidda. Iyalinsa suna nan Rijiyar Lemo, kuma yana da shago a Sabon Gari da ya ba wani kamfani haya. Da ya tashi buƙatar takardar shaidar biyan haraji, sai ya yagi fallen takarda ya rubuta cewa ƙanensa na wakiltarsa a duk harkokinsa, ya ɗauki hotonta ya turo min ta WhatsApp. Na je ofishin haraji na miƙa waya. Ma'aikacin ya duba ya ce, "Malam, wa ya shaida wannan sa hannun? Kuma me aka ce ka yi?" Na yi shiru. Gaskiya ya fi ni, domin doka ta ɗora musu riƙe sirrin mai biyan haraji. Kasancewarmu ciki ɗaya da Yaya bai ba ni ikon buɗe fayil ɗinsa ba.

To abu na farko, tun kafin a ɗauki biro, shi ne a san ofishin da za a rubuta wa. Harajin kuɗin shigar mutumin da ke zaune a Kano na hukumar haraji ta jiha ne, wato KIRS. Wanda kuwa doka ta ɗauka ba mazaunin Najeriya ba ne, amma yana samun kuɗi daga nan, lissafinsa yana hannun hukumar tarayya. Ita ce da ake kira FIRS, ta koma NRS daga 1 ga Janairu 2026, bayan sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025.

Kar ku ce ai tunda mutum yana waje shi ke nan ya zama ba mazauni ba. Ana duba ko ya yi kwana 183 a ƙasar cikin wata goma sha biyu, haka ne, amma sabuwar dokar tana kuma duba ko yana da gidan zama na dindindin a nan, da iyali, da harkar kuɗi mai ƙarfi. Mutum irin Yaya, da matarsa da 'ya'yansa da gidansa ke Rijiyar Lemo, zai iya zama mazauni a idon doka ko da sai da Sallah yake zuwa. Don haka wakili ya fara zuwa ya tambaya a wane ofishi fayil ɗin yake, sannan a rubuta sunan wannan hukumar a kan takardar.

Na biyu, abin da ke ciki. Da Turanci ake rubutawa, amma ga yadda tamu ta biyu ta kasance. A sama cikakken sunan Yaya kamar yadda yake a fasfonsa, da lambar fasfon, da NIN, da lambar harajinsa idan akwai, da adireshinsa na Jidda da lambar waya. Sai sunana da NIN ɗina da dangantakarmu. Sunan nan ku kula da shi. Idan fasfo ya ce Muhammad, tsohon rasit kuma ya ce Mohammed, a bayyana a takardar cewa mutum ɗaya ne.

Daga nan aka jera ayyukan ɗaya bayan ɗaya: in miƙa bayanin kuɗin shigarsa na shekara, in karɓi takardar ƙiyasin haraji, in shigar da ƙorafi idan ƙiyasin bai yi daidai ba, in biya a asusun gwamnati in karɓo rasit, in nemi takardar shaidar biyan haraji in karɓo. Aka ambaci shekarun da ake magana a kai, guda uku, domin takardar shaidar tana duba shekaru ukun da suka gabata ne. Aka sa ranar da wakilcin zai ƙare.

Sai layin da na fi so a duk takardar: wannan izini bai ba wakili ikon sayar da kadara, ko jinginar da ita, ko taɓa asusun banki ba. Na san wani zai ce haba, ɗan'uwanka ne fa. Eh, shi ya sa ma. Takardar farko da ta ce "duk harkokina" ba ta gamsar da ofishin haraji ba, amma da an yi mata hatimi ta faɗa hannun da bai dace ba, ƙofa ce a buɗe. Iyakar nan tana kare mai dukiya, tana kuma kare ni daga surutun dangi.

Na uku, shaidar sa hannu. Don karɓo takarda ko miƙa fom, wasiƙa mai sa hannu da kwafin fasfo da katin shaidar wakili kan wadatar. Amma idan wakili zai sa hannu a madadin mutum, ko ya yi jayayya kan kuɗi, gara lauya ya tsara cikakkiyar takardar wakilci, wadda suke kira fawa of atoni. Mai ita ya sa hannu a gaban notari ko jami'in ofishin jakadancin Najeriya. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauki irin wannan takarda a matsayin sahihiya. Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda, babban kuma yana Riyad. A aiko ta asali, kar a tsaya a hoto. Da ta iso a tambaya ko sai an biya mata kuɗin hatimi. Wakili ya miƙa kwafi, ya sa a buga masa tambarin "an karɓa" da kwanan wata a nasa.

Yanzu ga inda wakilai ke yin asara. Mu ɗauka hayar shagon naira 1,200,000 ce a shekara. Kamfanin da ke haya yakan cire kashi 10 cikin 100 na haraji tun kafin ya biya, wato 120,000, Yaya ya ga 1,080,000 a asusunsa. Wannan 120,000 haraji ne da aka riga aka biya da sunansa. Idan wakili bai karɓo shaidar cirewar daga kamfanin ba, babu abin da zai nuna a rage masa a lissafi. Don haka mun saka neman wannan shaidar ma a jerin ayyukan.

Sai lokaci. Bayanin kuɗin shiga na mutum ana miƙa shi ne zuwa 31 ga Maris. Idan kuma aka kawo takardar ƙiyasi, kwana 30 ake da su a rubuta ƙorafi. Suka wuce ba a ce komai ba, adadin ya zauna daram. Wakilin da ya karɓi ambulan ya jefa a durowa sai Yaya ya zo Sallah, ya yi masa ɓarna. Kuma ku sani, bashin yana wuyan mai dukiya ne, takardar wakilci ba ta ɗauke masa shi ba.

Ni dai yanzu duk takardar da na karɓa, a ranar nake ɗaukar hotonta in tura Jidda, rasit kuma in saka a fayil. Idan mutum ya dawo gida ko ya sauya wakili, ya rubuta wa hukumar cewa ya janye izinin. Faɗa wa ɗan'uwa a waya kawai bai isa ba.

Wanda ke da ɗan'uwa a waje ya tura masa wannan. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.