Tsakanin "mun" da "muka": wasiƙar da wata malama ta rubuta wa ɗalibarta

Wata malamar Hausa a makarantar sakandare ta gaji da zagaye kuskure ɗaya da jan biro. Sau uku ɗalibarta, yarinyar da ba Hausa ake yi a gidansu ba, tana kawo aikin gida da jimla irin wannan: "Jiya da mun je kasuwa, mun sayi albasa, mun dawo." A karo na huɗu sai malamar ta yagi takarda ta rubuta mata wasiƙa, ta cusa a cikin littafin.

"'Yata," in ji ta, "kin san kalmomi, kuma rubutunki yana da tsabta. Wuri ɗaya kike tuntuɓe. Abin da ya wuce hanya biyu Hausa take faɗarsa, wato shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu. Na ɗaya shi ne mun, kun, sun, an, kin. Na biyu kuwa muka, kuka, suka, aka, kika. Idan sanarwa kawai kike yi, ce mun je kasuwa. Amma in kika shiga jera labari, wannan ya faru sannan wancan, sai ki koma na biyu: jiya da muka je kasuwa, muka sayi albasa, muka dawo. Haka ma bayan kalmar tambaya: yaushe suka zo, wa aka kira."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta nuna mata cewa kuskuren yana juya ma'ana. Wanda ya ce "da mun je kasuwa" bai je ba tukuna. Ko dai yana nufin da zarar sun isa, ko kuma yana da-na-sanin rashin zuwa. Ke nan yarinyar ta rubuta labarin tafiyar da ba a yi ba.

Me ya sa idonta ya kasa kamawa? Domin a na, ka, ya da ta, rubutun boko ba ya bambance lokutan biyu. "Ya tafi" da "sai ya tafi" harufansu ɗaya, a baki ne wasalin farkon yake da tsawo, na biyun gajere. Saboda haka malamar ta ba ta dabara: duk inda ta yi shakka, ta mai da jimlar jam'i. In kunnenta ya karɓi "sai suka tafi", to na biyu ne.

Ba ta sa ta kwafe darasi ba. Cewa ta yi ta ɗauko tsohon aikinta, ta ja layi ƙarƙashin kowane "mun" da "sun", ta karanta da ƙarfi a gaban ƙawarta Bahaushiya, ta gyara jimla biyar kacal ta kawo ranar Litinin.

Malamai, jan biro yana nuna wa yaro inda ya faɗi, amma ba ya gaya masa dalili. In kuskure ya dawo sau uku, a rubuta masa dalilin.