Yadda Za Ka Duba Takardar Kuɗin Wuta Kafin Ka Biya

Ɗan'uwa, idan takardar kuɗin wuta ta iso gidanka, kada idonka ya tsaya a kan jimillar kuɗin kaɗai. Nemi lambobi biyu: tsohuwar lambar mita da sabuwa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne wutar da aka ce ka sha.

A misali, tsohuwar lamba 4520, sabuwa 4820, wato kilowat 300 ke nan. Ɗauki takardar ka je gaban mitarka. In ka tarar tana nuna 4720, to akwai kuskure, domin mita gaba take ƙirgawa, ba ta komawa baya. An ɗora maka aƙalla kilowat 100 da ba ka sha ba.

Sannan ɗauko takardar watan jiya. Sabuwar lambarta ita ce ya kamata ta zama tsohuwar lamba a ta wannan wata. In sun saɓa, a nan matsalar take.

Ɗauki hoton mitar a ranar, ka haɗa da takardun biyu da rasit ɗin biyanka, ka kai ofishinsu cikin ladabi. Sau da yawa kuskuren karatu ne kawai. In kuma ka ga an rage maka ne, ka sanar da su, domin wannan ma haƙƙi ne a kanka.