Idan ma'aikaci ya manta lambar buɗe kwamfutarsa

Kamfanoni da yawa suna kulle faifan ajiyar kwamfutocin ma'aikatansu da BitLocker, wanda ke zuwa cikin Windows. Aikinsa shi ne hargitsa duk abin da ke faifan, ta yadda ko ɓarawo ya cire shi ya jona a wata na'ura, ba abin da zai iya karantawa. Makullin yana cikin wani ɗan guntun ƙarfe mai suna TPM a jikin kwamfutar, kuma a ofisoshin da suka tsaurara, ba ya sakinsa sai an buga lambar sirri kafin Windows ta tashi. Tsarin bai san maigida ba, bai san ɓarawo ba. Wanda ya manta lambar, shi ma a waje zai tsaya.

Saboda haka aikin jami'in kwamfuta yana farawa tun kafin a yi mantuwar. Zai buɗe wurin buga umarni da ikon mai gudanarwa, ya rubuta:

```
manage-bde -status C:
```

A nan ake yawan yin tuntuɓe. Mutum ya ga Percentage Encrypted ya kai 100, sai hankalinsa ya kwanta. Layin da ya fi cancantar dubawa shi ne Protection Status. Idan ya nuna Protection Off, an hargitsa faifan kam, amma an ajiye makullin a fili a kansa, kamar kwaɗon da aka rufe aka bar ɗan makulli a jiki. Hakan na faruwa idan an dakatar da kariyar domin sabunta manhajar cikin na'ura, ba a mayar ba. Kwamfutar za ta riƙa tashi ba tare da neman lamba ba, ma'aikaci kuwa ba zai kai ƙara ba, tunda sauƙi ya samu. Inda kwamfutoci suka yi yawa, ana ƙara `-cn` da sunan na'ura a duba ta daga nesa, ko a karanta rahoton Intune wanda ke jera su gaba ɗaya.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne Key Protectors. Dole a ga Numerical Password a ciki. Wannan ne makullin ceto, lamba 48 da aka kasa gida 8, kowane gida lamba 6. Kuma sai an tabbatar kwafinsa ya isa Active Directory ko Microsoft Entra ID. Makullin da yake cikin kwamfutar kawai ba ya amfanin komai ranar da ta kulle. Ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wani sabuntawa na CrowdStrike ya durƙusar da miliyoyin kwamfutocin Windows, gyaran ya buƙaci wannan makulli a na'urorin da ke kulle, kuma a ranar ne wasu suka fara neman inda nasu yake.

To, a ce wata ma'aikaciya ta dawo hutun haihuwa, lambar ta ɓace mata. Abin da jami'in zai fara gaya mata shi ne, "Hajiya, don Allah ki daina gwadawa." Windows ta saita TPM 2.0 ya kulle kansa bayan kuskure 32, sannan yana yafe guda ɗaya duk minti 10. Ta danna Esc, allon ceto ya fito, ya nuna lambar shaidar makullin. Haruffa 8 na farko za ta karanto masa. Da su zai nemo makullin da ya dace, domin kwamfuta ɗaya tana iya tara makullai da dama a ma'ajiya, tsofaffi da sabo.

Kafin ya karanta mata ko lamba ɗaya, sai ya tabbatar ita ce. Ya katse wayar, ya kira ta da lambar da ke kundin ma'aikata, ko ya nemi shugabanta ya shaide ta. Wanda ya saci kwamfuta ma ya iya murya mai ban tausayi, kuma wannan kiran ne hanyarsa mafi sauƙi.

Sai ya karanta mata gida-gida. An tsara kowane gida ya rabu da 11 ba saura, shi ya sa allon yake yawan gane kuskuren bugawa nan take. Da Windows ta tashi, a sa sabuwar lamba:

```
manage-bde -changepin C:
```

Sannan a sauya makullin ceton kansa, tunda an furta shi a waya, wataƙila ma an rubuta a bayan takarda. Intune na iya yin wannan sauyi da kansa idan an saita shi.

Idan kuwa lamba ta ɓace, makullin ceto ma ba a ajiye ba, Microsoft kanta ba ta iya buɗe faifan. Abin da ya rage shi ne a goge shi a sake ɗora Windows, a dawo da fayiloli daga ajiyar waje, in an yi ta.