Idan Ka Tsinci Yaro a Kasuwa: Gaisuwar Farko da Abin da Ke Biye da Ita

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a goman ƙarshe na azumi ya san irin cinkoson da ake yi. Masu baro na ihun a ba su hanya, 'yan dako na ratsawa da dilolin atamfa a ka, uwa kuwa ta saki hannun 'yarta don ta taɓa yadi ta ji kaurinsa. Kafin ta gama tayawa, turereniya ta tura yarinyar wani layin. Ba a Kwari kaɗai ba, haka abin yake a Kurmi da Sabon Gari da duk kasuwar ƙauye ranar cinta. Yawanci a wannan lokacin tsakanin uwa da 'ya bai wuce layi biyu ko uku ba, kuma abin da mutumin da ya fara lura da yarinyar zai yi shi ke sa a haɗu da wuri ko a wuni ana nema.

Ba kowane ɓataccen yaro ke kuka ba. Wani yana tsayawa cak yana duban fuskokin manya ɗaya bayan ɗaya, wani ya kama bin matar da hijabinta ya yi kala da na uwarsa, sai ta juyo ya ja da baya. Yaron ɗan kasuwa da almajirin da ya saba da wurin suna tafiya ne kamar masu inda za su. Wanda ya ɓata kuwa waige-waige yake yi.

Mu ɗauka yarinya ce 'yar kamar shekara 4, tana tsaye gaban rumfar wani mai shadda. Abu na farko shi ne ya tsuguna, fuskarsa ta zo daidai da tata, ya bar ɗan tazara tsakaninsu. Babba a tsaye yana magana daga sama tsoro yake ƙara wa yaro. Sai ya ce a hankali, "Sannu 'yan mata. Ke da wa kuka zo kasuwa?" Kada ya ce mata "kin ɓata ne?", domin wannan kalmar ce ke ɓalle kukan da take dannewa. Idan ta ce ita da Umma ne, sai ya ce, "To, Umma ma tana can tana nemanki. Zauna nan kusa da ni mu jira ta, ba inda za ni sai ta zo." Idan ta yi shiru, ya ƙyale ta ta huce, ya miƙa mata ruwan leda. Kada ya sungume ta, kada ya ja hannunta, kada kuma ya lallashe ta da alewa, don da irin wannan ne ake gargaɗin yara a gida su guji baƙo. Idan da mace a kusa, ko mai kunu ce ko mai sayayya, a roƙe ta ta zauna da yarinyar. Sau da yawa yara sun fi sakin jiki da mata.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su kama hannun yaro su shiga zagaya kasuwa da shi. Uwa tana komawa ne inda ta yi wa 'yarta ganin ƙarshe, tana bin layukan da ke kusa. Idan an tafi da yarinyar, sai a yi ta saɓani, kowa na zagaye. Gara a zaunar da ita a bakin rumfa inda mai wucewa zai gan ta, a tura yaron shago ya bi layuka yana cigiya.

Akwai kuma wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Tun da 'yan sanda suka sanar a watan Oktoba na 2019 cewa sun ceto yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onitsha, zukatan iyaye ba su sake kwanciya ba, kuma suna da gaskiya. Baƙon mutum da aka gani yana jan yaro mai kuka zuwa bakin ƙofar kasuwa, kalma ɗaya ta "ɓarawon yara" ta isa ta tara masa jama'ar da ba za ta saurari bayani ba. Saboda haka tun daga gaisuwar farko a yi komai a bainar jama'a. A ɗaga murya a ce wa maƙwabcin rumfa, "Alhaji, ka shaida, ga yarinya ta rabu da mahaifiyarta, za ta zauna nan." Wannan shaidar tana kare yarinyar, tana kuma kare mai taimakon.

Sai tambayoyi, kuma a nan ne ake bukatar dabara. A gidajenmu yaro ba ya kiran sunan iyayensa, sau da yawa ma bai san shi ba. Ka tambaye ta sunan uwarta, za ta ce Umma, uba kuwa Abba ko Baba. Ita kanta wataƙila sunan da ta sani laƙabi ne, kamar Ummi ko Nana. To sai a bi ta gefe: "Maman wa ake ce wa Umma?" "Yaya sunan yayanki?" "Me Abba yake sayarwa?" "Wace Islamiyya kike zuwa, wa ke koya muku?" "A adaidaita kuka zo ko da ƙafa?" "Me Umma ta saya yanzu?" Idan ta ce takalmi, an san layin da za a fara dubawa. A yi tambaya ɗaya a jira amsa, kuma mutum ɗaya ya riƙa yi, domin idan mutum goma suka yi mata rumfa kowa na tambaya, bakinta zai rufe. A guji sa mata amsa a baki. Yaron da ya tsorata, ka ce masa "a Fagge kuke?" zai gyaɗa kai, ka ce "a Gwale?" ya sake gyaɗawa. Shirun da ya ƙi ƙarewa kuma yana iya nufin ba ta jin Hausa, sai a nemo mai jin Fulatanci ko Barbarci ko Yarbanci ko Ibo, ko kuwa kurma ce.

Idan an kai kamar rabin awa ba wanda ya zo, sai a ɗaga maganar zuwa ga shugaban layi ko ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa ko sarkin kasuwa, a kuma nemi a yi sanarwa ta lasifikar masallaci. In za a kai ta can, a tafi mutum biyu, a bar sallahu a rumfar da aka tsince ta. Sanarwar ta zama gajeriya: an tsinci yarinya 'yar kimanin shekara 4, mai ita ya zo wuri kaza. Kada a faɗi sunanta da kalar kayanta duka, a rage abin da za a gwada mai zuwa da shi. Wannan ne ma ya sa ban goyi bayan gaggawar watsa hoton yaro a waya ba. Hoton yana ba maƙaryaci duk bayanin da yake bukata, kuma zai ci gaba da yawo shekaru bayan yarinyar ta koma gida.

Wanda ya zo ya ce tasa ce, a tare shi kafin ya gan ta. Ya faɗi sunanta, da kayan jikinta, da sunan yayan nan da ta ambata. Sannan a bar ta ta gan shi, a lura. Yarinyar da ta ga uwarta ba ta jiran a ce ta je. Amma wannan ma ba hujja ce cikakkiya ba, don akwai yaro marar ƙiwa da zai bi kowa, akwai kuma wanda tsoron duka zai sa ya noƙe wa uwarsa. Idan mai karɓa ya ce shi kawu ne ko maƙwabci, a sa ya kira uwar a waya ta yi magana da 'yarta, a rubuta sunansa da lambarsa da unguwarsu a gaban shaidu. Uwa kuma idan ruɗewa ta sa ta ɗaga hannu za ta mari yarinyar, a ba ta baki, a ce, "Hajiya, yi haƙuri, ta sha tsoro ya ishe ta."

Idan har aka fara rufe rumfuna ba a ga kowa ba, kada mai tsintuwa ya wuce da ita gidansa bisa ra'ayin kansa, ko da tausayi ne ya sa. A miƙa ta ga ofishin 'yan sanda mafi kusa ko na Hisba, ko gidan mai unguwa, don nan ne iyaye ke fara zuwa cigiya. A tabbatar an rubuta lokaci da wurin da aka tsince ta da sunan wanda ya karɓa, daga nan a kai sanarwa gidan rediyo. Washegari mai rumfar ya leƙa ya ji ko an zo.