Kaya biyu a faffaɗan allo: inda auto-fit da auto-fill ke raba hanya

Duk mai yawan duba kaya a shagunan intanet da kwamfuta ba zai rasa gamuwa da wannan ba. Ya buɗe sashen takalma, hotuna sun jeru huɗu-huɗu, kowanne cikin ɗan katinsa, da suna da farashi a ƙasa. Sai ya tace binciken, ya ce baƙi kaɗai yake so, lamba 43. Sakamako ya dawo guda ɗaya. A wani shagon katin nan zai zauna a gefen hagu da girmansa na ɗazu, sauran fili fayau. A wani shagon kuma takalmin zai kumbura ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan, hoton ya dushe, sai an gangara ƙasa kafin a ga farashi. Sau da yawa abin da ya raba shagunan biyu kalma ɗaya ce a cikin umarnin da magini ya rubuta: ɗaya ya sa `auto-fill`, ɗayan ya sa `auto-fit`.

Kalmomin biyu na cikin CSS ne, wato harshen da ake gaya wa burauza yadda za ta shimfiɗa shafi. A cikinsa akwai tsarin da ake kira Grid, mai yanka fili zuwa ginshiƙai na tsaye da layuka na kwance, sannan a zuba kaya a gurabensu. Tsarin ya shigo Firefox 52 da Chrome 57 da Safari 10.1 duk a watan Maris na 2017, Edge kuma ta biyo baya a Oktoban shekarar. Abin da ya fi jawo masa farin jini a wurin masu gina shafuka shi ne, ba sai mutum ya zauna ya ƙayyade yawan ginshiƙai na waya daban, na kwamfuta daban ba. Layuka kaɗan sun wadatar:

```css
.kaya {
  display: grid;
  gap: 20px;
  grid-template-columns: repeat(auto-fill, minmax(200px, 1fr));
}
```

Ma'anar layin ƙarshe ita ce: yi ta maimaita ginshiƙai iya yadda fili zai ɗauka, kada faɗin kowanne ya gaza fiksel 200, in kuma an samu rara a raba musu daidai wa daida. Wannan `1fr` shi ne rabon rarar. Shi kuwa `gap` tazarar fiksel 20 ce tsakanin kowane ginshiƙi da maƙwabcinsa.

A ɗauka faɗin wurin da aka ware wa kayan fiksel 1000 ne. Abu na farko da burauza ke yi shi ne lissafin ginshiƙai nawa za su shiga, kuma a wannan mataki ko kallon yawan kayan ba ta yi. Ginshiƙai huɗu na cin 800, tazara uku da ke tsakaninsu na cin 60, jimla 860, sun shiga. Biyar kuwa za su nemi 1000 su kaɗai, ga tazara huɗu ta 80, jimla 1080, sun yi yawa. Saboda haka huɗu ne. An cire 60 daga 1000 saura 940, a raba huɗu, kowane ginshiƙi ya tashi da 235.

Har zuwa nan `auto-fill` da `auto-fit` tafiyarsu ɗaya. Kaya goma sha biyu za su jeru layi uku, huɗu-huɗu, kowane kati 235, ko wace kalma aka rubuta. Wannan ne dalilin da ya sa magina da yawa ke shafe lokaci mai tsawo suna amfani da ɗaya a madadin ɗaya ba tare da sun lura da komai ba: a lokacin gwaji, mutum yakan cika shafin da kayan ƙarya masu yawa don ya ga ya yi kyau.

Rabuwar tana zuwa ne bayan an zuba kaya, idan wani ginshiƙi ya tashi babu kowa a cikinsa. A ce kayan biyu ne kacal. Ita `auto-fill` ba ruwanta, ginshiƙai huɗun nan suna nan daram. Katuna biyu na ɗaukar 235 kowanne, gurabe biyu na zaune wayam, abin da ido ke gani shi ne filin fiksel 510 a dama babu komai. Ita kuwa `auto-fit` sai ta dubi ginshiƙan da ba kowa ta matse su har faɗinsu ya koma sifili, tazarar da ke gefensu ma ta rufe. Yanzu ginshiƙai biyu suka rage da tazara ɗaya. An cire 20 daga 1000 saura 980, `1fr` ya raba biyu, kowane kati ya zama 490. Idan kayan uku ne kowanne 320. Idan ɗaya ne, shi kaɗai zai haɗiye 1000 ɗin.

Kamar layin rumfuna huɗu ne a kasuwa da 'yan kasuwa biyu suka kama. Ko dai a bar sauran biyun a rufe kowa ya tsaya a tasa, ko a cire katangun tsakani mutum biyun su baje kolinsu a duk wurin.

To daga nan ne takalmin nan ya samo kumburinsa. Hotunan kaya galibi ana ba su umarnin cika faɗin katinsu, tsayin kuma ya bi faɗin. Hoton da faɗinsa huɗu tsayinsa uku, a katin 235 tsayinsa kusan 176 ne. A katin 1000 sai ya kai 750, ya kusa cinye allon ƙaramar kwamfuta gaba ɗaya. In kuma asalin hoton ƙarami ne, mai faɗin 400 misali, an ja shi ya ninka biyu da rabi, dole ya dushe. Babu abin da ya lalace a burauzar, abin da aka ce mata shi ta yi.

Abin da ke ƙara ɓoye matsalar shi ne waya. A wurin da faɗinsa fiksel 360 ne, ginshiƙi ɗaya ne zai shiga, domin biyu za su nemi 420. Ginshiƙi ɗaya kuwa ba zai taɓa zama wayam ba muddin akwai ko da kaya guda. Mai shagon da ke duba shafinsa a waya kullum zai rantse lafiya lau yake, sai abokin ciniki mai kwamfuta ya aiko masa da hoton abin da yake gani. Sharuɗɗa biyu ne sai sun haɗu kafin bambancin ya fito: allo mai faɗi, da kayan da ba su kai yawan ginshiƙai ba.

Akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu, cewa `auto-fit` na buɗe duk katin da ya samu fili a gefensa. Ba haka ba ne. A zuba kaya biyar a ginshiƙai huɗun nan: huɗu a sama, na biyar shi kaɗai a layi na biyu. Zai zauna da faɗinsa na 235, gurabe uku na gefensa wayam, ko da `auto-fit` aka rubuta. Dalili shi ne ginshiƙi daga sama har ƙasa ake dubansa, kuma kowanne cikin huɗun yana da kaya a layin farko. Mai son katin ƙarshe ya miƙe ya cika layinsa, ba Grid zai nema ba, wani tsarin ne na CSS da ake kira Flexbox, inda kowane layi ke rabon filinsa shi kaɗai.

Wannan ƙa'idar ce kuma ke haifar da wani rikicin da ke sa magina tagumi. Mutum ya sa `auto-fit`, kaya biyu ne, amma sun ƙi buɗewa. In aka bincika sai a tarar ya saka kanun sashen a cikin Grid ɗin, ya ba shi `grid-column: 1 / -1` don ya ratsa daga ginshiƙin farko zuwa na ƙarshe. Da zarar wani abu ya ratsa ginshiƙi, burauza ba ta ƙara ɗaukarsa a matsayin wayam. Kanun ya taɓa duka huɗun, babu wanda za a matse, `auto-fit` ta koma aiki tamkar `auto-fill`. Maganin kawai a fitar da kanun waje, a bar katuna zalla a ciki.

Ba sai an yi ta canke ba wajen gano abin da ke faruwa. A Firefox ko Chrome, a danna dama a kan katin a zaɓi `Inspect`, sannan a kunna zanen layukan Grid. Da `auto-fill` za a ga gurabe biyun da ba kowa an zana su sarai a dama. Da `auto-fit` za a ga layukan ƙarshe sun taru wuri ɗaya a bakin gefe. A sashen `Computed` kuma, ƙimar ginshiƙan za ta fito kamar haka:

```
auto-fill: 235px 235px 235px 235px
auto-fit:  490px 490px 0px 0px
```

Sifili biyun nan na nuna cewa ginshiƙan suna nan a lissafi, faɗi ne kawai ba su da shi.

Kumburin kansa aikin `1fr` ne, `auto-fit` hanya kawai ta share masa. Idan aka ƙayyade faɗin da `repeat(auto-fit, 200px)`, katuna ba za su ƙaru da ko fiksel ɗaya ba. A nan amfanin kalmar ke fitowa ta wata fuska, wato lokacin da ake son kaya su tsaya a tsakiya da `justify-content: center`. Da `auto-fill`, ginshiƙai huɗun ake kaiwa tsakiya har da na wayam, faɗinsu 860, saura 70 a kowane gefe, sai katuna biyun su bayyana sun karkata hagu kamar umarnin bai yi aiki ba. Da `auto-fit`, faɗin da ya rage 420 ne, katunan su zauna a tsakiya cif, 290 a hagu 290 a dama.

Wace za a zaɓa ke nan? Ya danganta da wanda ke riƙe da yawan kayan. Idan magini ne ya san adadinsu, kamar akwatuna uku na farashin rajista ko ƙananan allunan alƙaluma a saman shafi, kuma rubutu ne a cikinsu ba manyan hotuna ba, `auto-fit` ta fi dacewa, don ba ta barin gefe ɗaya fayau. Idan kuwa adadin na hannun mai bincike ne, yau arba'in gobe ɗaya, kamar kayan shago ko hotunan biki ko jerin labarai, `auto-fill` ce ke riƙe girman kati yadda ido ya saba. Filin da take bari a dama bai kai munin takalmi mai tsayin fiksel 750 ba.

Mai karatun da ke da shago a intanet, ko ya ba wani kwangilar gina masa shafi, kafin ya biya cikon kuɗi ya nemi a buɗe masa shafin a kwamfuta mai faɗin allo, a tace kayan su koma ɗaya, sannan biyu, sannan uku, ya ga yadda katunan za su zauna.