Wuta ta ɗauke, zane ya tafi: me ya rage a kwamfuta?

Duk wanda ya zauna gaban AutoCAD yana fitar da taswirar gida ya san shirun da ke biyo bayan ɗaukewar wuta. Allo ya yi baƙi, kai kuma kana ƙoƙarin tuna yaushe rabonka da adana aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ɗalibai da masu zanen gini da safiyo suka fi yi mini. Abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa zanen yana nan bayan hatsarin, gaggawar mai shi ce ke ƙarasa shi.

Kwamfuta ta mutu ina tsakiyar aiki. Me zan fara yi?

Kada ka buɗe zanen tukuna. AutoCAD yana barin abubuwa uku, kuma kowanne yana da nasa lokacin. Akwai zanen kansa mai ƙarewa da .dwg, wanda ya tsaya a inda ka adana na ƙarshe. Akwai .bak a folda ɗaya da shi, wato yadda zanen yake kafin wannan adanawar. Sai .sv$, wanda manhajar ke ajiyewa da kanta a wani waje dabam. Don ka same shi, buɗe File Explorer ka rubuta wannan a layin adireshi:

```
%TEMP%
```

Jera fayilolin bisa lokaci, ka nemo wanda sunansa ya fara da sunan zanenka. Kwafe duka ukun zuwa sabuwar folda, ka bar na asali yadda suke.

A ce kana zana gida mai ɗaki uku, ka sa masa suna gida.dwg. Ka adana da ƙarfe 10:05, ka sake adanawa da 11:20, ka ci gaba da sa ƙofofi da tagogi har wuta ta ɗauke da 12:47. A nan .bak yana riƙe da aikin 10:05, .dwg na 11:20, shi kuma .sv$ zai kai wajen 12:40. Shi ne abin nema. Ka canza ƙarshen sunan kwafinsa daga .sv$ zuwa .dwg, ka buɗe shi kamar kowane zane. Asararka 'yan mintoci ce maimakon kusan awa ɗaya da rabi. Idan ba ka ganin ƙarshen sunayen, kunna File name extensions a ƙarƙashin View, in ba haka ba sunan kawai za ka canza, fayil ɗin bai sauya ba.

Manhajar ma tana tattaro maka su. Umarnin DRAWINGRECOVERY yana buɗe jerin zanukan da suke buɗe lokacin da abin ya faru. Yana aiki, amma ni dai sai na yi kwafi da hannuna kafin in taɓa shi. Zanen da ba a taɓa raɗa wa suna ba ma yakan bar .sv$, ka neme shi da sunan da ya fara da Drawing1.

Na rufe zanen, ya tambaye ni ko in adana, na danna No bisa kuskure. Akwai mafita?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa. An yi .sv$ ne domin mutuwar ba-zata. Idan aka rufe zane ta hanyar da ta dace, AutoCAD yana ɗauka an gama, sai ya share shi da kansa. Ka leƙa %TEMP% ko wani tsoho ya saura, amma galibi abin da ka adana na ƙarshe shi ne naka. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa ajiyar da manhaja ke yi ba adana aiki ba ce, domin ba ta taɓa .dwg ɗinka ko kaɗan.

To yaya ya kamata in saita wannan ajiyar?

Rubuta SAVETIME. Manhajar tana zuwa da minti 10, kuma 0 na nufin an kashe ta gaba ɗaya, abin da nakan tarar a kwamfutocin da hannu da yawa ke taɓawa. Inda wuta ba ta da tabbas kuma kwamfutar ta tebur ce marar batiri, minti 5 ya fi. Ƙasa da haka, babban zane zai riƙa tsayar da kai. Ka kuma sani cewa ba ta ajiyewa muddin kana cikin wani umarni da ba ka kammala ba, don haka kada ka bar umarni a rataye ka tafi salla.

Sai ka tabbatar ISAVEBAK yana kan 1, domin shi ke haifar da .bak. Da SAVEFILEPATH kuma za ka iya mayar da .sv$ wata folda taka, tunda %TEMP% waje ne da manhajojin share datti ke kwashewa ba tare da tambaya ba.

Zanen ya ƙi buɗewa, yana cewa "Drawing file is not valid". Ya mutu ke nan?

Duba girmansa. Idan 0 KB ne, babu komai a ciki, ka koma kan .bak da .sv$. Idan yana da nauyi, buɗe kwafinsa da Notepad ka dubi haruffa shida na farko. AC1032 tsarin 2018 ne, AC1027 na 2013, AC1024 na 2010. Ganinsu na nufin kan fayil ɗin na nan. Yana kuma tona wata matsala: tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon tsari, ko da zanen lafiyarsa ƙalau. Maganin wannan shi ne wanda ya aiko ya adana maka a tsohon tsari, ko ka sauya shi da DWG TrueView, wadda Autodesk ke bayarwa kyauta.

Idan lalacewa ce ta gaske, buɗe zane fanko ka rubuta RECOVER, ka zaɓi kwafin. Zai bi zanen yana gyara abin da zai gyaru, ya faɗa maka yawan kurakuran. Idan zanen yana jingine da wasu zanuka na waje, RECOVERALL ya haɗa har da su. In ya buɗe, yi AUDIT ka amsa da Y, sannan PURGE, ka adana da sabon suna. In ya ƙi, gwada INSERT ka jawo shi cikin sabon zane, wani lokaci layukan kan fito. Bayan haka ka bi shi da ido, domin gyara yakan zubar da abin da ya gagara: awon bango, rubutu, ko wani sashe sukutum.

Ina da .bak. Bai isa ba?

Bai isa ba, saboda taki ɗaya tak yake komawa baya. Ɗauki misalin ɗazu. A ce .dwg na 11:20 ya samu matsala, rabin benen ya ɓace, amma ya buɗe. Mai lafiya shi ne .bak na 10:05. Da zarar hannunka ya danna Ctrl+S bisa sabo, gurɓataccen ya hau kan .bak, mai lafiyar ya tafi. Dannawa ɗaya ce. Ga shi kuma suna kwana a folda ɗaya, in faifan ya lalace ko aka sace laftof, tare za su tafi.

Abin da nake yi ba shi da wuya. Kowace safiya ina yin SAVEAS da kwanan wata a jikin sunan, don aikin jiya ya tsaya da ƙafarsa. Da yamma in kwafe na ranar zuwa faifan waje, in kuma tura wa kaina ta imel, tunda zanen gida ɗaya ba ya cin data sosai. Ba na aiki kai tsaye a kan filashi. Yawancin gurɓatattun zanukan da aka kawo mini daga nan suka fito: an zare shi, ko ya ɗan motsa a raminsa, daidai lokacin da ake rubutu a kansa. Ka kwafo zanen cikin kwamfuta, ka gama, ka rufe AutoCAD, sannan ka mayar. Sau ɗaya a wata kuma ka buɗe ɗaya daga cikin kwafin nan ka ga ko da gaske yana buɗewa.